Yadda Muka Auna Batiran Solar Makarantarmu, da Yadda Awon Ya Fara Yi Mana Ƙarya

Duk wanda ke zuwa ɗakin kwamfuta lokacin karatun dare ya san abin da ya dame mu tun farkon zangon nan. Kafin ƙarfe tara da rabi inbata ta fara kuka, jim kaɗan kuma wuta ta ɗauke, alhali 'yan aji shida suna tsakiyar gwajin jarrabawar JAMB. Wasu sun ce farantan sola ne suka yi ƙura, wasu sun ce masu cajin waya a ɓoye ne, wasu kuma sun ce a sayo sababbin batira kawai. Kowa da hasashensa, amma babu mai lamba a hannu.

Shi ya sa mu 'yan ƙungiyar jarida muka bi 'yan ƙungiyar kimiyya da malamin fizis, muka haɗa wata 'yar na'ura mai auna ƙarfin wutar batiran dare da rana. Ga yadda aka yi ta, da inda ta ruɗe mu, da abin da ta gano.

Abin da ake son aunawa

Ɗakin kwamfuta yana da manyan batira biyu irin na ruwa, kowanne mai bolt 12. An haɗa su a jere, wato kan + na ɗaya yana haɗe da kan − na ɗayan, don haka ƙarfinsu ya taru ya zama bolt 24. Sai dai 24 suna ne kawai. Da rana, idan kwanturola tana yi musu caji, sukan haura bolt 28, wani lokaci su kusa 30. Da dare kuwa, idan kwamfutoci suna jan wuta, sukan sauka ƙasa da 24.

Na'urar da muke da ita ita ce Arduino Uno, wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. A cikinsa akwai sashen da ke karɓar ƙarfin wuta ya mayar da shi lamba, wanda littattafai ke taƙaita sunansa da ADC. Matsalar ita ce, ƙafar da ke karɓar awon, wadda aka rubuta wa A0, ba ta ɗaukar fiye da bolt 5. Wanda ya jona mata 24 kai tsaye ya ƙone ta nan take. Saboda haka aikin ya kasu biyu: a rage ƙarfin wutar ta hanyar da za a iya lissafawa, sannan a karanta abin da ya rage.

Mai raba bolt: rizista biyu da rabon hannun jari

Rizista wani ɗan ƙaramin abu ne mai ƙafa biyu da ke tare wa lantarki hanya, ana kuma auna tarewar da om. Idan aka jera rizista biyu tsakanin kan + da kan − na batir, ƙarfin wutar yana rabuwa a tsakaninsu, kowanne gwargwadon girmansa. Wannan jerin shi ake kira mai raba bolt.

Mu ɗauki misalin 'yan kasuwa biyu da suka haɗa jari. Ɗaya ya zuba naira 56, ɗayan ya zuba naira 10, jimla 66. Duk ribar da aka samu, babba ko ƙarama, mai naira 10 zai ɗauki kashi 10 cikin 66. Haka rizistocinmu suke. Na sama, R1, mai om 56,000 ne, yana haɗe da kan + na batir. Na ƙasa, R2, mai om 10,000 ne, yana haɗe da kan −. A mahaɗarsu muka ciro wayar da ke zuwa A0. Ga ƙa'idar:

`V_A0 = V_batir × R2 / (R1 + R2)`

Kashi 10 cikin 66 daidai yake da a raba lamba da 6.6. Idan batiran suna kan bolt 24.6, abin da zai isa A0 shi ne 24.6 ÷ 6.6, wato bolt 3.73. Idan suka kai 30, zai zama 4.55. Sai sun kai bolt 33 kafin A0 ta ga cikakken 5, kuma kwanturola mai lafiya ba ta kai su can. Wannan tazarar da muka bari da gangan ce.

Wata ɗaliba ta tambaya: “Malam, me ya hana mu sa om 56 da om 10 kawai, tunda rabon ɗaya ne?” Malam ya ce ta lissafa da kanta. Bolt 26 a raba da om 66 ya kusa amfiya 0.4, wanda zai sa rizistocin su yi zafi su ƙone. Da om 66,000 kuwa, abin da ke wucewa kashi ɗaya ne cikin dubu na wancan, kuma batiran ba za su ma san ana jan su ba. To me ya hana a sa masu girma sosai, na miliyoyin om? Shi ma yana da illa, domin ADC tana buƙatar ɗan lantarki da za ta cika wata 'yar ma'ajiya a cikinta duk lokacin da za ta yi awo. Masu ƙera ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan allon, sun ba da shawarar kada tarewar da ƙafar ke gani ta wuce om 10,000. A namu haɗin, lissafin 56,000 × 10,000 ÷ 66,000 ya ba da kimanin om 8,500, saboda haka muna cikin iyaka.

Yadda bolt ke zama lamba

ADC ba ta san kalmar bolt ba. Abin da ta sani shi ne matakala. Tana ɗaukar tazarar da ke tsakanin 0 da bolt 5 ta yanka ta gida 1024, sannan ta faɗi matakin da ƙarfin wutar ya tsaya, daga 0 zuwa 1023. Kowane mataki bai kai bolt 0.005 ba a wajen A0. Da yake mun raba da 6.6, mataki ɗaya yana daidai da bolt 0.032 a wajen batir. Wannan ya ishe mu, domin bambancin da muke nema na bolt 0.1 ne zuwa sama.

Mu bi misalinmu har ƙarshe. Batir yana kan 24.6, A0 ta ga 3.73. A raba da 5 a ninka da 1024, za a sami mataki na 763. Domin komawa baya, sai a ninka 763 da 0.03223, a sami 24.59. Wannan lambar ta 0.03223 ita muka sa wa suna K, kuma ta fito ne daga 5 ÷ 1024 × 6.6. Ga umarnin da muka rubuta wa allon:

```
const float K = 0.03223;

void setup() {
  Serial.begin(9600);
}

void loop() {
  long jimla = 0;
  for (int i = 0; i < 50; i++) {
    jimla += analogRead(A0);
    delay(10);
  }
  Serial.println(jimla / 50.0 * K);
  delay(1000);
}
```

Za ku lura cewa muna yin awo sau 50 mu ɗauki matsakaici. Dalili shi ne inbata ba ta jan wuta sumul, fizga take yi, sai lambar ta riƙa tsalle. Mun kuma sa 'yar kafasita, wadda aka rubuta wa 104 a jiki, tsakanin A0 da GND domin ta kwantar da wannan tsallen.

Kafin a taɓa batir

Bolt 24 ba ya fizgar mutum kamar wutar soket, amma kada wannan ya ruɗe mu. Babban batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya idan kansa biyu suka haɗu, ya narkar da waya ko sifana cikin ƙiftawar ido. Don haka Malam ya sa kowa ya cire zobe da agogo, aka kuma sa ƙaramin fis a kan wayar +, dab da kan batir. Wayar − ta batir ita ake kaiwa GND na allon, domin in babu ita awon ba shi da tushe. Kwamfutar cinyar da muka duba lambobin da ita kuwa, mun cire ta daga soket tana aiki da batirinta.

Abu mafi muhimmanci, ba mu jona A0 ba sai da muka auna mahaɗar rizistocin da mita. Da a ce an yi kuskure an juya su, mai 56,000 ya koma ƙasa, abin da zai fito shi ne kusan bolt 21, ba 3.73 ba. Awon daƙiƙa biyar ya fi sayen sabon allo sauƙi.

Ranar da na'urar ta yi ƙarya

Ranar Asabar da safe Malam ya kashe layin farantan sola da inbata, muka bar batiran suka huta awa biyu. Da muka kunna na'urarmu, sai ta rubuta 25.62. Murna ta kama mu, har wani ya ce ai batiran a cike suke, laifin masu cajin waya ne. Malam bai ce komai ba. Ya ɗora mitarsa a kan batiran, ta nuna 24.6.

Bambancin bolt ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne. Batirin ruwa mai bolt 12, idan ya huta, yana nuna kimanin 12.7 in yana cike, da kimanin 12.2 in ya kai rabi. Ga batira biyu a jere, wannan na nufin 25.4 da 24.4. Wato tsakanin cikakke da rabi, bolt ɗaya ne kacal. Na'urarmu tana cewa a cike suke, alhali sun kusa rabi.

Malam ya ce kada mu yi hasashe, mu bi hanyar wutar daki-daki da mita. Batir ya nuna 24.6. Mahaɗar rizistoci ta nuna 3.73, daidai da lissafi, don haka mai raba bolt ya fita daga zargi. Sai muka auna ƙafar da aka rubuta wa 5V a kan allon. Ta nuna 4.80.

Nan ɓarawon yake. ADC ba ta da wani bolt 5 nata na kanta. Wutar da allon ke ci ita take ɗauka a matsayin ma'auni, mu kuma muna ba shi wuta ne ta doguwar wayar USB daga kwamfuta, wadda ke isar da 4.80 kawai. Ku tuna da mai awon hatsi a kasuwa. Idan mudunsa ya ƙanƙance, buhu ɗaya zai ba da mudu da yawa fiye da yadda aka saba, ba don hatsin ya ƙaru ba. Haka matakan ADC suka ƙanƙance. Bolt 3.73 a raba da 4.80 a ninka da 1024 ya zama mataki na 795 maimakon 763. Umarninmu kuwa bai san mudu ya canja ba, ya ninka 795 da tsohon K, ya ba mu 25.62.

Gyara

Gyaran mataki biyu ne. Na farko, a samar wa allon wuta tsayayya. Ba a jona Arduino Uno da bolt 24 kai tsaye, abin da aka ba da shawara shi ne tsakanin 7 da 12. Mun yi amfani da ɗan allon rage wuta mai lamba LM2596, muka saita shi a kan bolt 9, muka shigar ta ramin wutar allon. Daga nan ƙafar 5V ta tsaya a 5.02, ba ta motsi ko an jona USB ko an cire.

Na biyu, a daidaita K da mita. Bayan gyaran, mita tana nuna 24.6, ADC tana ba da 760. Sai muka raba 24.6 da 760, muka sami 0.03237, muka sa shi a madadin tsohon. Amfanin wannan hanya shi ne tana share kuskuren ma'auni da na rizistoci a lokaci guda. Rizistoci ma ba cikakku ba ne. Masu zoben zinariya a ƙarshe suna iya kaucewa da kashi 5 cikin 100, kuma idan aka yi rashin sa'a ɗaya ya yi sama ɗayan ya yi ƙasa, batir mai 24.6 zai iya fitowa 22.6 ko 26.8. Mu mun nemi masu zoben ruwan ƙasa, na kashi 1 cikin 100, duk da haka sai da muka daidaita.

Awo ɗaya ba ya zama shaida, don haka da azahar, lokacin da caji ya yi ƙarfi, muka sake gwadawa. Mita ta ce 28.4, na'urarmu ta ce 28.42. A nan ne muka yarda da ita.

Lambar gaskiya ma tana buƙatar fassara

Ko da awo ya yi daidai, sai an san lokacin da aka yi shi. Bolt 28.4 na azahar ba ya nufin batira sun cika har sun yi ambaliya. Ƙarfin da kwanturola ke turawa ne. Haka kuma 23.8 da dare, kwamfutoci goma suna aiki, ba ya nufin sun ƙare, domin jan wuta yana danne lambar, kuma takan ɗan tashi idan aka kashe kaya. Awon da ke faɗin ragowar caji shi ne wanda aka yi bayan batir ya huta 'yan sa'o'i, babu caji babu kaya. A wajenmu, wannan shi ne da asuba kafin rana ta fito. Waɗannan lambobi na batirin ruwa ne. Na lityam yana riƙe bolt kusan ɗaya har ya kusa ƙarewa, don haka ba a fassara shi da wannan ma'auni.

Saura tambaya ɗaya. Idan da safe batiran suna kan 24.6, sama da rabi ke nan, me ya sa wuta ke ɗaukewa da dare? Malam ya rubuta a allo: 12.3 + 12.3, sannan 12.6 + 12.0. Duka biyun 24.6 ne. Jimla tana iya ɓoye mai rauni a bayan mai ƙarfi.

Sai muka haɗa mai raba bolt na biyu, shi ma 56,000 da 10,000 da nasa fis, daga wayar da ta haɗa batiran biyu zuwa ƙafar A1, muka daidaita nasa K daban. A1 tana ba mu batirin ƙasa, wato wanda kansa na − ke haɗe da GND. Idan aka cire wannan daga jimlar A0, sai a sami na sama. Ga abin da muka rubuta a daren Litinin. Da ƙarfe 7:30, na ƙasa 12.3, na sama 11.9. Da ƙarfe 9:15, na ƙasa 11.9, na sama 9.6, jimla 21.5, kuma a daidai lokacin inbata ta fara kuka. Washegari da asuba, na ƙasa 12.6, na sama 12.0.

Ashe batir ɗaya ne ke durƙushewa da zarar an ɗora masa kaya, ɗayan kuwa da sauran ƙarfinsa. Da aka buɗe murafen na sama, an tarar ruwan gida biyu ya ja baya sosai, har saman faranten ciki ya fito. An ƙara masa tataccen ruwa irin na batir, ba na famfo ko na rijiya ba, aka kai shi caji shi kaɗai. Malam ya gargaɗe mu cewa farantin da ya daɗe a bushe ba lallai ne ya dawo yadda yake ba, kuma lambobin makonni masu zuwa ne za su nuna ko zai ci gaba da aiki. Ya kuma ce idan ta kai ga saye, haɗa sabo da tsoho a jere yakan gajiyar da sabon da wuri. Ko ma mene ne, yanzu hukumar makaranta za ta yanke shawara da takardar awo a gabanta.

Abin da muke roƙo

An manna takarda a bayan ƙofar ɗakin kwamfuta. Ɗaliban da ke kan aiki za su riƙa rubuta lambobin batiran biyu sau uku a rana: da asuba, da azahar, da ƙarfe tara na dare. Idan awon asuba ya sauka ƙasa da 24.4, ko tazarar da ke tsakanin batiran ta wuce bolt 0.3 bayan sun huta, a sanar da malamin fizis a ranar. Sau ɗaya a wata kuma za a gwada na'urar da mita, domin mun ga abin da ƙaramin mudu ke jawowa.

Ga tambayar wannan fitowa. Da asuba, A0 ta ba da 740, A1 ta ba da 380, kuma a ɗauka K na duka biyun 0.03237 ne. Bolt nawa ne jimlar batiran, nawa ne na ƙasa, nawa ne na sama, kuma ya kamata a kira Malam ko a'a? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar jarida da ke ƙofar ɗakin karatu kafin ranar Alhamis. Za mu manna sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.